Kuɗin Suna: Yadda Ake Kimanta Shi Idan An Sayi Kanti a Ƙonni, da Inda Yake Zama a Littafi

Wanda ya bi babban titin Birnin Ƙonni da hantsi, titin da ya taso daga Yamai ya wuce Tsarnawa da Malbaza da Galmi ya nufi Maraɗi, zai ga kantunan kayan gini jere kusa da juna. Simintin iri ɗaya ne, rodin iri ɗaya, farashin ma bai cika bambanta ba. Amma wani kantin magina suna tsaye a ƙofarsa tun kafin a buɗe, wani kuma yaron kanti yana zaune yana korar ƙuda. Ranar da mai kanti na farko ya tashi sayarwa, zai nemi kuɗin da ya wuce na kayan da ke ciki, kuma yana da gaskiya. Wannan ƙarin shi nake kira kuɗin suna: abin da mai saye ke biya don masu ciniki sun saba da wannan ƙofar.

Ba abin kunya ba ne a saye shi ko a sayar. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait cikin Disambar 1988, ta yanke cewa sunan kasuwanci haƙƙi ne mai darajar kuɗi, ana iya sayar da shi muddin babu yaudara. Dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar ke cikinta tun yarjejeniyar 1993, ta ma ɗauki masu ciniki a matsayin ginshiƙin kasuwancin: idan babu su, abin da aka sayar tarin kaya ne kawai. Wahalar tana wuri biyu. Nawa ne kuɗinsa, kuma ina za a rubuta shi?

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Mutanen da alƙaluman na misali ne, ƙa'idojin kuwa na gaske. Wani Alhaji ne da ya yi shekaru yana sayar da kayan gini a bakin titin, shi kaɗai ke da kantin, cinikinsa na shekara ya kai wajen sefa miliyan 80. Ya tsufa yana so ya koma gona. Wani matashi daga Illela, ta hanyar Tawa ba ta Najeriya ba, ya zo saye. Alhaji ya ce miliyan 20, bai rage ko dala ba.

A fara da abin da ido ke gani

Ba a cinikin biri a sama. Kafin a yi maganar suna, sai a ƙirga abin da hannu ke taɓawa, a sa masa farashin yau, ba farashin ranar da Alhaji ya saya ba.

Littafin Alhaji ya nuna hajar miliyan 9.5. Da aka shiga sito aka ɗaga buhunan siminti na ƙasa, sai aka tarar damina ta taɓa wasu sun daskare. Akwai gwangwanayen fenti da suka bushe, da makullai da tayil na tsohon yayi da suka shekara biyu ba wanda ya taya. Da aka cire waɗannan, haja ta tsaya kan 8,400,000. Kantoci da sikeli da injin wuta da abin yanka rodi aka yi musu kuɗi 1,100,000. Babur mai ƙafa uku na kai kaya, 900,000.

Akwai abu na huɗu da ba a taɓa shi da hannu, amma ana iya ware shi a yi masa kuɗi shi kaɗai: haƙƙin haya. Alhaji yana biyan jaka 40 a wata bisa tsohuwar yarjejeniya da ta rage shekara 4, alhali maƙwabtansa suna biyan jaka 65 a irin wannan ɗakin. Sauƙin jaka 25 ne a wata, cikin wata 48 ya zama 1,200,000. Tun da a hankali za a ci wannan sauƙin, ba yau ɗaya ba, suka daidaita kan 1,000,000. Doka ta ce idan mai haya ya sayar da kasuwancinsa ɗungum tare da hayar, mai gida ba shi da ikon hanawa sai ya kai ƙwaƙƙwaran dalili gaban kotu, kuma dole a sanar da shi a rubuce.

Jimillar huɗun 11,400,000. Ke nan a cikin miliyan 20 ɗin, Alhaji yana neman 8,600,000 kuɗin sunansa. Yanzu ne aka san abin da ake ciniki a kai.

Ribar gaske, ba ribar baki ba

Suna ba ya da kuɗi sai idan yana kawo riba. Don haka sai a duba ribar shekaru uku na baya, kuma dokar OHADA ta wajabta wa mai sayarwa ya rubuta cinikinsa da ribarsa na waɗannan shekarun a cikin takardar sayarwa. Littafin ya nuna 7,200,000 a 2022, da 4,800,000 a 2023, da 6,000,000 a 2024. Matsakaici miliyan 6.

Kowane ɗan Ƙonni ya san abin da ya faru a 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli aka rufe iyaka, kayan da ke shigowa ta Illelar Najeriya daga Sakkwato da Kano suka tsaya, ba a sake buɗewa ba sai farkon 2024. Alhaji ya ce a cire wannan shekarar, ai ba laifin kanti ba ne. Mai saye ya ƙi, kuma shi ke da gaskiya, domin Najeriya ta taɓa rufe iyakar daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Abin da ya faru sau biyu cikin shekara biyar ya zama ɗabi'ar kasuwar garin, dole ya shiga lissafi.

Sai dai miliyan shidan nan ba ita ce za ta shiga aljihun mai saye ba. Gyara uku take buƙata.

Na farko, a 2022 Alhaji ya sami kwangilar kai kaya wajen ginin wata makaranta, ya ci ribar 900,000. An gama ginin, ba zai dawo ba. Idan aka raba ta kan shekaru uku, 300,000 ce za ta fita daga matsakaici. Saura 5,700,000.

Na biyu shi ne wanda aka fi mantawa da shi a cinikin mai kanti ɗaya. Alhaji ba ya biyan kansa albashi, ɗansa da ke sito ma ba a biyansa. Abin da yake kira riba, wani ɓangare nasa ladan zama ne daga safe zuwa magariba. In za a ɗauki mai tsaron kanti irin wannan, a ce jaka 150 a wata, da yaron sito jaka 50, sun tashi 2,400,000 a shekara. Ko da mai saye shi zai zauna da kansa, sai an cire, don babu mai hankalin da zai biya wani kuɗi domin a ba shi damar cin guminsa. Saura 3,300,000.

Na uku, sauƙin hayar nan na jaka 25 a wata, wato 300,000 a shekara, yana cikin ribar. An riga an yi masa kuɗi daban a sama. In aka bar shi a nan, an saye shi sau biyu. Da aka cire, ribar gaske ta tsaya kan 3,000,000, rabin abin da aka faɗa da baki.

Gyaran yakan tafi ta ɗaya gefen ma. In mai kanti yana ɗaukar kuɗin cefane ko na makarantar yara daga aljihun teburi yana rubuta su cikin kuɗin da kanti ya kashe, sai a mayar da su cikin riba, kuma a nan mai sayarwa ne yake amfana.

Ribar da ta wuce ta kowa

Ga tambayar da ke raba gardama. Idan matashin nan ya ɗauki 10,400,000, kuɗin haja da kayan aiki da babur, ya kama wani ɗaki ya buɗe sabon kanti ba tare da sunan kowa ba, nawa zai samu a shekara bayan ya biya albashi? Suka tambayi 'yan kasuwar da suka san harkar, suka tsaya kan kashi 15 cikin 100. Wannan adadi ba doka ta ajiye shi ba, su biyun suka yarda da shi, kuma yakan hau idan sana'ar tana da haɗari. Kashi 15 na 10,400,000 shi ne 1,560,000.

Kantin Alhaji yana ba da 3,000,000, kanti marar suna zai ba da 1,560,000. Bambancin, 1,440,000 a shekara, shi ne abin da suna ke kawowa. Da a ce bambancin sifiri ne, da kuɗin suna sifiri ne, ko da kantin ya shekara talatin kuma kowa a gari ya san Alhaji.

Saura a san shekara nawa za a biya. Wannan rarar ba ta dawwama. Ko dai masu ciniki su watse, ko su tsaya saboda halin sabon mai kanti, wanda kuma ba Alhaji za a biya kuɗinsa ba. Ana biyan shekarun da tsohon suna zai ci gaba da jan mutane da kansa ne kawai.

Amsar tana cikin littafin bashi da na ciniki, ba a bakin dillali ba. Mai saye ya zauna kwana biyu yana bin sunaye. Ya ga kusan kashi biyu cikin uku na ciniki na masu wucewa ne da mutanen ƙauyuka da ke shigowa ranar kasuwa su sayi buhu biyar da kwano goma. Waɗannan ƙofar suka sani, za su dawo ko wa ke zaune. Sauran kashi ɗayan kuwa na 'yan kwangila huɗu ne da Alhaji ke ba kaya bashi sai an biya su, biyu daga cikinsu surukansa ne. Waɗannan mutum suka sani, ba kanti ba. Haka ma babban dilan da ke ba Alhaji simintin Malbaza tirela guda ya biya bayan sati biyu: amana ce tsakanin mutum biyu, ba a sayar da ita da takarda.

Alhaji ya nemi shekara uku, 4,320,000. Mai saye ya taya biyu, 2,880,000. Ya ce: "Baba Alhaji, in za ka zauna da ni wata uku a kantin, ka kai ni wajen dila da 'yan kwangilar nan da ƙafarka, na ƙara rabin shekara." Aka tsaya kan biyu da rabi, wato 3,600,000. Da aka haɗa da 11,400,000, ciniki ya faɗa kan miliyan 15.

Wasu sukan yi gajeren lissafi, su ninka ribar shekara sau biyu ko su ɗauki wani kaso na ciniki. Yana da sauri, amma ba ya bambance kanti mai ciniki da yawa da riba kaɗan, kamar na siminti zalla, da wanda ribarsa ke da kauri. Ya isa a gwada shi don a ga ko an yi nisa da hanya, bai isa a ƙulla ciniki a kansa ba.

Takarda kafin kuɗi

Ana rubuta cinikin, a gaban noter ko tsakanin su biyun, a ware kuɗin kowane abu. Mai saye ya buga sanarwa a jaridar da ke ɗaukar sanarwar shari'a cikin kwana 15, a kai takardar rajistar kasuwanci, RCCM. Kuɗin kuma ba hannun Alhaji zai tafi kai tsaye ba. Ana ajiye shi wajen noter ko bankin da suka amince da shi har kwana 30 daga ranar sanarwa, don duk mai bin Alhaji bashi ya fito ya yi magana. Wanda ya tsallake wannan ya miƙa kuɗi a zaure, yana iya wayar gari da masu bashi a ƙofar kantin da ya saya.

Abu biyu su shiga takardar. Na ɗaya, Alhaji ba zai buɗe kantin kayan gini a garin Ƙonni ba har shekara uku. Doka ta yarda da irin wannan sharaɗin idan yana da iyaka ta lokaci ko ta wuri. In babu shi, ɗan Alhaji ya buɗe a tsallaken titi da kuɗin da aka biya, sunan da aka saya ya tsallaka tare da shi. Na biyu, bashin da Alhaji ke bin magina da wanda ake bin sa ba sa bin kanti da kansu. Nasa ne, sai in an rubuta an mayar wa mai saye. A cinikinmu an bar masa abinsa.

Kuma kada a rubuta miliyan 10 a takarda a biya 15 a ɓoye don rage kuɗin rajista. Doka ta soke duk yarjejeniyar ɓoye da ke rufe wani ɓangare na farashi, sannan miliyan biyar ɗin ba ta da hanyar shiga littafin mai saye.

A littafin mai saye

Nijar tana aiki da tsarin lissafi na SYSCOHADA da aka sabunta, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2018. Mai saye da sayarwa da cinikinsa bai kai miliyan 60 a shekara ba yana iya riƙe ƙaramin littafin shiga da fita. Kantinmu ya wuce nan, cikakken tsari zai bi.

Matashin ya zuba miliyan 12 na kansa a asusun kantin a banki. Wannan shi ne shigarwa ta farko. Harafin D yana nufin gefen hagu, inda abin da aka samu ke zama, C kuma gefen dama, inda ake nuna daga ina ya fito.

```
D 521 Banques locales      12 000 000
    C 103 Capital personnel      12 000 000
```

Ya biya miliyan 10 nan take, sauran 5 zai biya cikin shekara guda. Ga yadda sayen ke shiga:

```
D 215 Fonds commercial        3 600 000
D 216 Droit au bail           1 000 000
D 241 Matériel et outillage   1 100 000
D 245 Matériel de transport     900 000
D 601 Achats de marchandises  8 400 000
    C 521 Banques locales               10 000 000
    C 481 Fournisseurs d'investissements 5 000 000
```

Hagu miliyan 15, dama miliyan 15. Lura da cewa asusu na 215 shi ake cikawa a ƙarshe. Akanta yana fara sa wa kowane abu darajarsa ta gaske, abin da ya rage daga farashin shi ne kuɗin suna. Da a ce an saya a miliyan 20, da 8,600,000 ce za ta zauna a wurin, littafi ba zai ce an yi tsada ba sai daga baya. Haja ta bi ta asusun saye, a ƙarshen shekara a ƙirga abin da ya rage a sito a kai shi asusu na 31. Bashin Alhaji yana 481 ba 401 ba, domin kuɗin da aka biya nan take ya rufe haja, abin da ya rage na dukiya mai zama ce. Kuɗin noter da na rajista kuwa ana ɗora su kan kuɗin sayen abin da aka biya su dominsa.

Kuskure biyu aka fi yi a nan. Wani ya zuba miliyan 15 duka a asusu ɗaya da sunan sayen kanti, sai a rasa abin da za a rage wa daraja duk shekara da abin da ba a ragewa. Wani kuma ya ɗora kuɗin suna a kan haja, ya rubuta ta miliyan 12. Da an sayar da hajar sai ribar shekarar farko ta ragu da 3,600,000 ba gaira ba dalili, mai kanti ya ɗauka ya faɗi. Alamar wannan kuskuren ita ce a ga kuɗin sayen buhu a littafi ya fi farashin da ake sayar da shi a ƙofa.

A littafin Alhaji kuwa babu asusu na 215 ko kaɗan, tun da shi ya gina sunan da kansa. Sunan da mutum ya gina ba ya shiga lissafi komai girmansa, sai ranar da wani ya biya kuɗi a kansa.

Shekarun da ke biyo baya

Babur da kayan aiki ana rage darajarsu kowace shekara gwargwadon daɗewarsu. Haƙƙin haya ana cinye shi cikin shekaru huɗun da suka rage, 250,000 a shekara. Kuɗin suna kuwa, a ƙa'ida ana ɗauka ba shi da ranar ƙarewa, don haka ba a yanka shi kashi-kashi. Sai idan an san yana da iyaka. Misali, in mai gida ya riga ya ce zai rushe ginin bayan shekara huɗu kuma ba a iya ɗaukar masu ciniki zuwa wani wuri, sai a raba 3,600,000 gida huɗu, 900,000 duk shekara. In an san zai ƙare amma ba a iya tsayar da lokacin ba, tsarin ya ce shekara 10, wato 360,000 a shekara.

Wanda ba a yankawa, ana gwada shi duk ƙarshen shekara, ko an ga alamar matsala ko ba a gani ba. A ce bayan shekara guda uku daga cikin 'yan kwangilar sun koma wani wuri. Aka sake lissafin nan na sama, rarar riba ta sauko daga 1,440,000 zuwa 1,000,000. Sau biyu da rabi, 2,500,000. Littafi yana ɗauke da 3,600,000, ke nan 1,100,000 ta tafi, sai a rubuta asarar:

```
D 6913 Dotations aux dépréciations
       des immobilisations incorporelles  1 100 000
    C 2915 Dépréciation du fonds commercial     1 100 000
```

Wannan ragin ba a mayar da shi. Ko baɗi ciniki ya ninka, ba a ɗaga 215 ya koma yadda yake, domin sabbin masu cinikin ba na Alhaji ba ne, matashin ne ya jawo su da hannunsa, kuma an riga an ce sunan da mutum ya gina ba ya shiga littafinsa.

Don haka, kai mai shirin sayen kanti a Ƙonni ko Malbaza ko Illela, kada ka taya kafin ka shiga sito da fitila ka ɗaga buhun ƙasa. Cire albashin mai kanti daga ribar da aka faɗa maka, ka karanta littafin bashi suna bayan suna, ka ware masu bin ƙofa da masu bin mutum. Na ƙofa kaɗai za ka biya, kuma ka sa a rubuta farashin gaskiya a takarda.